Tambayoyi da Amsoshi Kan Sanarwar Sayar da Tikiti: Farashin Masu Sammako da Saƙonnin Tunatarwa

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu shirya wasan kiɗa da waƙa da masu shirya baje koli, musamman waɗanda aka ɗora wa nauyin rubuta sanarwar tikiti da bibiyar ciniki har zuwa ranar taro. An fara da abubuwan da kowa ke buƙatar sani, sannan aka gangara zuwa lissafi da wuraren da aka fi samun tangarɗa.

Mene ne farashin masu sammako, kuma me ya sa mai shirya taro zai yarda ya rage kuɗin tikitinsa?

Farashin masu sammako rangwame ne da ake yi wa waɗanda suka sayi tikiti tun da sauran lokaci, bisa sharaɗin cewa rangwamen zai ƙare a wata rana da aka ambata, ko kuma idan wani adadi na tikiti ya ƙare. Mai shirya taro yana sadaukar da wani ɓangare na kuɗin shigarsa ne domin ya sami abubuwa biyu da yake matuƙar buƙata. Na farko kuɗi a hannu, domin mai zaure da masu kayan sauti da mawaƙa kan nemi kafin alƙalami makonni ko watanni kafin ranar taro, alhali yawancin mutane sun fi son su jinkirta saye har sai abin ya matso. Na biyu kuma labari, domin yadda tikitin farko ya tafi shi ne ma'aunin farko da zai nuna masa ko jama'a na da sha'awa, tun yana da damar ƙara talla ko rage ɗawainiya.

Shi kuwa mai saye, abin da yake bayarwa a madadin rangwamen shi ne ɗaure kansa da wuri. Ya biya kuɗi tun bai san ko wani uzuri zai taso masa ba, wani lokaci ma tun ba a bayyana dukkan waɗanda za su hau dandamali ba. Ciniki ne da kowane ɓangare ya ɗauki kasada a cikinsa, kuma yana tafiya daidai ne kawai idan ranar ƙarewar rangwamen ta gaske ce.

Me ya kamata sanarwar farko ta ƙunsa?

Wanda ya ga sanarwar a wayarsa ya kamata ya iya yanke shawara ba tare da ya aiko da tambaya ba. Saboda haka dole ta faɗi sunan taron, ranar mako da kwanan wata da lokacin buɗe ƙofa, wurin da za a yi, farashin masu sammako, ranar da sa'ar da zai ƙare, farashin da zai biyo baya, da hanya guda ɗaya ta saye. Abin da aka fi mantawa shi ne farashin da zai biyo baya, kuma rashinsa yana kashe rabin ƙarfin sanarwar, domin wanda aka ce masa farashin tikiti 70 ne bai san an yi masa wani alheri ba sai ya ga cewa nan gaba 100 zai biya.

Akwai kuma batun inda ake ajiye bayanin. Da yawa kan zuba komai a cikin hoton talla su bar rubutun ƙasa fayau, alhali rubutun cikin hoto ba a iya kwafarsa, kuma hoton kan rabu da bayaninsa idan aka yi ta tura shi daga waya zuwa waya. Abin da ya fi shi ne a rubuta rana da farashi da wa'adi a wuraren biyu. A kuma lura cewa adireshin shafin sayarwa da aka saka a rubutun ƙasan hoto a Instagram ba ya latsuwa, don haka sai a sa shi a bayanin shafi ko a cikin Stories, a kuma faɗa wa mai karatu inda zai same shi.

Wanne ya fi, a ƙayyade rangwamen da rana ko da adadin tikiti?

Kowanne yana da amfaninsa da illarsa. Idan aka ƙayyade da rana kawai, mai saye ya san matsayinsa sarai kuma rubuta tunatarwa yana da sauƙi, amma mai shirya taro bai san tikiti nawa za su tafi a farashi mai rahusa ba, kuma idan taron ya sami karɓuwa sosai yana iya sayar da yawancin kujerunsa da arha. Idan aka ƙayyade da adadi kawai, asarar tana da iyaka, sai dai babu ranar da za a nuna wa mutane, kuma idan ciniki ya yi sanyi rangwamen zai yi ta zama a buɗe har ya zama shaida cewa ba a saye.

A ganina haɗa biyun ya fi dacewa da yawancin taruka, wato a ce tikiti 200 na farko ko kuma zuwa rana kaza, duk wanda ya riga zuwa. Sharaɗin kawai shi ne a rubuta wannan tun a sanarwar farko, domin wanda ya zo kwana uku kafin wa'adi ya tarar an rufe rangwame ba tare da an taɓa ambata masa adadi ba yana da hujjar ganin an yaudare shi. Amsar da ke biye ta nuna da lissafi dalilin da ya sa adadin yake da muhimmanci.

Rangwamen nawa ya kamata a yi, kuma tikiti nawa za a ware masa?

Babu adadin da ya dace da kowane taro, amma akwai hanyar lissafi, kuma ga misali da lambobi na zato waɗanda za a iya ɗauka da kowane irin kuɗi. A ce zaure yana ɗaukar mutum 1,000, an ware kujeru 100 domin baƙi da 'yan jarida da ma'aikata, saura 900 na sayarwa. Cikakken farashi 100 ne, kuma duk ɗawainiyar taron ta kama 60,000. Mai shirya taron ya raba tikitin gida uku: 200 a kan 70, sai 300 a kan 85, sai 400 a kan 100. Rukunin farko zai kawo 14,000, na biyu 25,500, na uku 40,000, jimilla 79,500. Da a ce duka 900 sun tafi a cikakken farashi da 90,000 aka samu, ke nan rangwamen ya ci 10,500, kuma wannan shi ne kuɗin da aka biya domin samun ciniki da wuri.

Yanzu a ce kamfanin da ke sayar da tikitin yana cire la'adar kashi 5 cikin ɗari. Abin da zai rage daga 79,500 shi ne 75,525, riba ke nan 15,525 idan zaure ya cika. Tambayar da ta fi wannan muhimmanci ita ce tikiti nawa za a sayar kafin a mayar da uwar kuɗi. Domin 60,000 su rage bayan la'ada, sai an yi cinikin kusan 63,160. Rukunai biyu na farko sun kawo 39,500, saura kusan 23,660, wato tikiti 237 a cikakken farashi. Ke nan sai an sayar da tikiti 737 cikin 900 kafin a fara maganar riba, kuma mai shirya taro da bai san wannan lambar ba yana tafiya ne a cikin duhu.

A gwada kuma abin da zai faru idan aka bar farashin 70 a buɗe na tsawon makonni ba tare da adadi ba, mutum 700 suka saya. Sun kawo 49,000. Ko da sauran 200 sun tafi duka a kan 100, jimillar 69,000 ce, bayan la'ada 65,550, ribar ta sauko zuwa 5,550 duk da cewa babu kujera ko ɗaya da ta rage. Idan kuwa rabin waɗannan 200 ɗin kawai aka sayar, cinikin 59,000 ne, an faɗi ke nan a taron da mai kallo daga waje zai rantse an ci riba. Daga nan ake fitar da ƙa'idar aiki: a fara da kuɗin da ake buƙata da wuri, a ware wa rukunin farko adadin da zai biya wannan buƙatar, a tsaya a nan.

Shin kuɗin tikitin farko yana shigowa hannu nan take?

Ba kullum ba, kuma wannan yana cikin abubuwan da ya wajaba a tambaya kafin a zaɓi inda za a sayar. Wasu kamfanonin sayar da tikiti suna riƙe kuɗin har sai an kammala taro da 'yan kwanaki, domin su kare kansu idan aka soke taron masu saye suka nemi kuɗinsu, wasu kuma suna biya kashi-kashi ga wanda suka riga suka san tarihinsa. A misalin da ya gabata, rukunin farko zai bar 13,300 bayan la'ada, wanda ya isa biyan kafin alƙalami na 12,000 ga mai zaure. Amma idan kuɗin na kulle har bayan taro, an yi rangwamen an kuma rasa babban dalilin yin sa, sai dai labarin yadda ciniki ke tafiya.

Wane farashi za a rubuta a sanarwa, da la'ada ko ba da ita ba?

A rubuta abin da mai saye zai biya gaba ɗaya. Idan sanarwa ta ce 70, mutum ya bi adireshi ya cike sunansa sannan a shafin ƙarshe ya ga 78 saboda kuɗin hidima da aka ƙara, wasu za su fasa a nan, waɗanda suka daure suka biya kuma za su karanta sanarwa ta gaba da shakku. Wannan ɗabi'a ta ɗiga ƙarin kuɗi a hankali ta jawo hankalin hukumomi a ƙasashe da dama. A Amurka, hukumar kula da harkokin ciniki ta FTC ta kafa ƙa'idar da ta fara aiki a watan Mayun 2025, wadda ta wajabta wa masu sayar da tikitin taruka su nuna jimillar farashi tare da duk kuɗin da ba makawa sai an biya tun daga farko. Birtaniya ma ta haramta irin wannan ɓoye ƙarin kuɗi a dokarta ta 2024 kan kasuwannin intanet da kare masu saye.

Ko a inda doka ba ta yi magana ba, lissafin kasuwanci ya isa hujja. Rangwamen kashi 30 da aka yi shela, idan ƙarin kuɗi ya cinye kashi 8 daga ciki, ya zama alkawarin da ba a cika ba.

Yaushe ake aika tunatarwa, kuma sau nawa?

Cinikin tikiti ba ya tafiya a miƙe. Yakan yi tashin farko a ranar sanarwa da washegari, sannan ya kwanta, ya sake tashi gab da kowane wa'adi, ya kuma yi tashi na ƙarshe a makon taro. Wanda bai saba ba yakan firgita a lokacin kwanciyar ya shiga aika saƙo kullum, kuma wannan ne ke sa mutane su daina karantawa tun kafin ranar da ake buƙatar hankalinsu ta zo. Tunatarwa tana aiki ne idan an jingina ta da wani abu da zai canza, kuma babban abin da ke canzawa shi ne farashi.

Ga rangwamen da zai ɗauki mako uku ko huɗu, tsari mai ma'ana shi ne sanarwar buɗewa, sai tunatarwa saura mako guda, sai wata saura kwana biyu, sai ta safiyar ranar ƙarshe, idan an so a ƙara gajeriya saura 'yan sa'o'i. A tsakanin buɗewa da saura mako guda kada a yi ta maimaita farashi. A fito da sabon labari, kamar sunan wani da zai yi wasa, ko jadawalin ranar, ko taswirar rumfuna, a sa wa'adin a layi ɗaya a ƙasa. Washegarin rufewa kuma a fitar da sanarwa cewa rukunin farko ya rufe, ga sabon farashi da nasa wa'adin. Mutane da yawa na raina wannan saƙon, alhali shi ne ke nuna wa jama'a cewa wa'adin masu wannan taro ba wasa ba ne, kuma shi ke ba tunatarwar rukuni na biyu ƙarfi.

A shafukan sada zumunta ana iya maimaitawa fiye da haka, domin ba kowane mabiyi ke ganin kowace sanarwa ba, kuma abin da aka sa a Stories na Instagram ko Status na WhatsApp yana ɓacewa bayan sa'a 24. Imel da saƙon waya kuwa suna shiga kai tsaye wurin mutum, don haka a nan ne ya kamata a yi tsantseni.

Yaya ake rubuta tunatarwa mai kyau?

Tunatarwa tana ɗauke da magana ɗaya, kuma maganar tana zuwa a layin farko. Ga misalin yadda ta saura kwana biyu za ta kasance: "Farashin masu sammako na 70 zai rufe ranar Juma'a 14 ga Maris da ƙarfe 11:59 na dare. Daga safiyar Asabar tikiti zai koma 85. Taron yana nan ranar 26 ga Afrilu, za a buɗe ƙofa ƙarfe 5 na yamma. Ga inda za a saya." Babu abin da mai karatu zai tambaya bayan wannan, kuma ko an tura wa wani saƙon bayan kwana guda ma'anarsa ba ta canza ba.

A guji kalmomi irin su "gobe" da "yau da dare" su kaɗai, domin sanarwa tana yawo kwanaki bayan an wallafa ta, kuma "gobe" ɗin wanda ya gan ta a makare ba ita ce ta marubucin ba. A guji kuma cewa "ƙarfe 12 na daren Juma'a", saboda wasu za su fahimci daren da ya shiga Juma'a, wasu kuma daren da ya fita daga cikinta, bambancin kwana guda cur. Rubuta 11:59 na dare yana kashe wannan gardamar. Idan akwai masu saye daga ƙasashen da agogonsu ya bambanta, a ambaci agogon da ake nufi, sannan a duba cewa agogon da aka saita a shafin sayarwa ya yi daidai da shi, domin yana faruwa shafi ya rufe rangwame sa'a guda kafin lokacin da sanarwa ta faɗa.

Idan wa'adi ya zo tikitin masu sammako bai ƙare ba, a ƙara lokaci?

Shawarata ita ce kada a ƙara. Ƙarin wa'adi yana kawo ɗan ciniki na kwana biyu, amma yana koya wa jama'a darasin da zai daɗe, wato cewa ranakun da wannan mai taro ke ambata ba su da nauyi. Wanda ya yi gaggawar biya a daren ƙarshe zai ji an mayar da shi wawa, wanda ya jira kuma zai ji ya yi dabara, kuma a taro na gaba dukansu biyun za su jira.

Abin da ya fi amfani shi ne a binciki dalilin sanyin. A duba mutum nawa suka latsa adireshin, nawa suka isa shafin biya, nawa suka kammala. Idan masu latsawa kaɗan ne, matsalar a wurin talla take, sanarwar ba ta isa ga mutanen da suka dace ba. Idan da yawa sun latsa amma sun tsaya a shafin biya, sai a zargi ƙarin kuɗin da ya bayyana a ƙarshe, ko hanyar biya da ke ƙin karɓa, ko fom mai tambayoyi da yawa. Ƙarin wa'adi ba ya magance ko ɗaya daga cikin waɗannan. Idan har ana buƙatar sabon abin jan hankali, a fito da tayi mai wata siffa dabam, kamar tikitin mutum huɗu a haɗe, kuma a tabbata kuɗin kowane mutum a cikinsa bai sauka ƙasa da abin da masu sammako suka biya ba.

Wuri ɗaya da ƙari yake da hujja shi ne idan laifin daga ɓangaren masu sayarwa ne, misali shafin ya tsaya na sa'o'i a ranar ƙarshe. A nan sai a faɗi abin da ya faru ƙarara, a ƙara lokaci daidai da wanda aka rasa, a ambaci sabuwar sa'ar rufewa sau ɗaya.

Ya halatta a rubuta "saura kaɗan" domin a zaburar da masu saye?

Ya halatta idan gaskiya ne, kuma idan gaskiya ne ambaton lambar ya fi ƙarfi, domin "saura 35 cikin 200" ya fi "saura kaɗan" shiga kunne. Idan ba gaskiya ba ne, yaudara ce, kuma tana tonuwa cikin sauƙi, tun da duk wanda ya dawo bayan mako guda ya tarar har yanzu "saura kaɗan" ya gane. Dokar Tarayyar Turai ta 2005 kan ha'inci a kasuwanci ta sa ƙaryar cewa kaya ko farashi na ɗan ƙanƙanin lokaci ne, domin a sa mutum ya yanke shawara a gaggauce, cikin jerin ayyukan da aka haramta a kowane hali. Haka nan agogon ƙirga lokaci da ke komawa farko duk sa'ad da aka sake buɗe shafi yana cikin wannan sahu.

Wanda ya riga ya sayi tikiti, shi ma za a ci gaba da aika masa tunatarwar saye?

A'a, kuma wannan kuskure ne da ke yawan faruwa saboda an haɗa kowa a jeri guda. Mutumin da ya biya ya kuma sami saƙon "yi sauri ka saya" yakan shiga shakkar ko kuɗinsa ya shiga, ya fara kira yana tambaya, wani ma ya sake saye sannan ya nemi a mayar masa. Kafin kowace tunatarwa a cire sunayen waɗanda suka saya daga jerin. Su nasu saƙonnin dabam ne: rasit da tikiti nan take, sai bayanin shiga saura mako guda, sai na jajibirin taro mai ɗauke da lokacin buɗe ƙofa, ƙofar da za su bi, abin da ba a shiga da shi, da shawarar su ajiye hoton lambar QR ɗinsu a waya tun daga gida saboda layin sadarwa kan cushe a inda jama'a suka taru.

Hanyar aikawa ma tana da iyakokinta. Saƙon SMS guda yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar an sa harafi mai lanƙwasa irin ƙ ko ɗ ko ɓ, iyakar kan sauko zuwa 70, saƙon ya rabu gida biyu ko uku, kuɗin aikawa ya ninka. Jerin watsa saƙo na WhatsApp na yau da kullum yana ɗaukar lamba 256, kuma saƙon yana isa ne kawai ga waɗanda suka ajiye lambar mai aikawa a wayarsu. A kowace hanya a aika wa waɗanda suka ba da izini kawai, a kuma bar musu hanyar cewa a daina. Dokar kare bayanai ta Turai da ta fara aiki a 2018 da dokar saƙonnin talla na imel ta Amurka ta 2003 duk sun tanadi wannan haƙƙi na fita.

Baje koli ya bambanta da wasan kiɗa a wannan fanni?

Ya bambanta sosai, domin baje koli yana da masu saye iri biyu, kuma kowanne da sanarwarsa. Akwai masu baje kaya da ke kama rumfa, akwai kuma maziyarta. Yawanci kuɗin rumfuna ne ƙashin bayan kuɗin da taron ke samu, saboda haka rangwamen sammako mafi nauyi nasu ne, kuma yana buɗewa watanni da dama kafin taro, tun da kamfani sai ya nemi amincewar shugabanninsa, ya tsara jigilar kaya, wani lokaci ya nemi biza ga ma'aikatansa. Tunatarwar saura kwana biyu da ke aiki ga mai son kallon mawaƙi ba ta da amfani ga ofishin da takardar biya ke ɗaukar mako biyu kafin a sa mata hannu. Ga masu rumfa a fara tuni tun saura wata guda, a kuma fayyace ko rangwamen yana bin ranar cike fom ne ko ranar da kuɗi ya shiga, domin a nan ake yawan samun saɓani.

Sanarwar rumfa tana buƙatar bayanin da tikitin kallo ba ya buƙata: girman wurin da murabba'in mita, ko fili ne kawai ko har da bango da tebur da wutar lantarki, katin shiga nawa za a ba ma'aikata, da nawa ne kafin alƙalami. Sau da yawa abin da ke jan mai baje kaya ya yi sammako ba ragin kuɗi ba ne, damar zaɓen wuri ce, domin rumfar kusurwa ko ta kusa da babbar ƙofa ta fi ta lungu ganin jama'a. Maziyarta kuwa, masu shirya baje koli da yawa kan ba su shiga kyauta ko da rahusa idan sun yi rajista da wuri, su karɓi kuɗi a ƙofa daga wanda bai yi ba, saboda yawan masu rajista shi ne hujjar da ake nuna wa masu kama rumfa. Sai dai tikitin kyauta yana da yawan masu fashin zuwa, don haka tunatarwar jajibiri da aka yi bayani a amsar da ta gabata ta fi muhimmanci a nan.

Ta yaya za a san wace sanarwa ce ta kawo ciniki?

Hanya mafi sauƙi ita ce a ba kowace sanarwa adireshinta mai alama, ta hanyar ƙara 'yan kalmomi a ƙarshen adireshin shafin sayarwa, kamar haka:

```
https://example.com/tikiti?utm_source=whatsapp&utm_medium=status&utm_campaign=sammako_saura2
```

Shafin zai buɗe kamar kullum, amma manhajar ƙididdiga za ta nuna daga ina mai ziyara ya fito da kuma saƙon da ya kawo shi. Ga tallan rediyo ko fosta, inda ba a latsa komai, ana iya ba kowanne lambar rangwame tasa ko lambar QR tasa. A yi hattara wajen fassara sakamakon, domin tunatarwar ranar ƙarshe kusan kullum ita ke fitowa da adadi mafi yawa, alhali yawancin waɗanda suka saya a ranar sun fara jin labarin ne daga sanarwar farko.

A matsayin mai saye, me zan duba kafin in biya, kuma zan iya karɓar kuɗina idan na fasa?

Lokacin da rangwame ke gab da rufewa shi ne lokacin da 'yan damfara suka fi kai farmaki, domin sun san mutane na cikin gaggawa. Sukan kwafi hoton sanarwar gaskiya su canza adireshi ko lambar asusu, ko su shiga ƙarƙashin sanarwa suna cewa suna da tikitin da ba za su yi amfani da shi ba. A bi adireshin da ke shafin masu taron na asali, a duba rubutun adireshin harafi bayan harafi, a kuma yi shakkar duk wanda ya nemi a tura kuɗi asusun mutum ɗaya alhali sanarwar asali ba ta ce haka ba. Hoton lambar QR da aka saya daga hannun baƙo yana iya kasancewa an sayar wa mutum goma, kuma na'urar ƙofa za ta karɓi wanda ya fara isa ne kawai. Saboda wannan dalilin kada mai tikiti ya wallafa hoton nasa da lambar a fili.

Game da mayar da kuɗi, a karanta sharaɗin kafin biya, domin tikitin masu sammako sau da yawa shi ne mafi tsauri, ba a mayarwa idan mai saye ne ya fasa. Ko a Tarayyar Turai, inda mai saye ta intanet ke da kwana 14 na janyewa a yawancin kayayyaki, an cire tikitin nishaɗi mai ƙayyadaddiyar rana daga wannan haƙƙi. Abin da ya kamata a nema a rubuce shi ne ko ana iya canza sunan tikiti zuwa na wani, da abin da zai faru idan masu taron ne suka soke ko suka ɗage rana, da kuma ko kuɗin hidima yana cikin abin da za a mayar. A ajiye hoton sanarwar da aka gani da rasit ɗin biya, domin sanarwa ana iya gyara ta ko goge ta bayan an wallafa, kuma hoton shi ne zai nuna farashi da sharaɗin da aka yi ciniki a kansu.